Manhajar da ke duba mana amsa da rikicin baƙaƙe masu ƙugiya

A ajin yamma da nake koyar da Hausa a Agege, tun farkon zangon nan manhaja ce ke duba mana gwajin mako. Ɗalibi ya rubuta amsa a wayarsa, ita kuma ta gwada da wadda na ajiye. Sauri kam tana da shi, amma yadda ta zo daga kamfani ba ta san Hausa ba.

Tambayar da ta tona mata asiri ita ce jam'in "ɗa". Na ajiye 'ya'ya, sai ta kayar da kusan rabin aji. Yaran da iyayensu suka zo daga Nijar sun rubuta ƴaƴa, kuma daidai ne a ƙa'idarsu. Sauran da ta kayar sun rubuta abin da ido ke gani iri ɗaya da nawa, alhali wayarsu ta sa lanƙwasasshiyar alama mai lambar na'ura U+2019 a madadin miƙaƙƙiya U+0027, wasu ma U+02BC. A wurin na'ura waɗannan alamomi uku ne daban.

Akwai maɓallin "Ignore accents", amma bai tsinana komai ba. Aikinsa shi ne ya raba harafi da alamar da ke kansa, kamar é, ya yar da alamar. To ƙ, wato U+0199, ba k ba ce da aka ɗora wa wani abu, harafi ce mai zaman kanta, haka ɓ da ɗ. Ko hanyoyin daidaita haruffa na na'ura, NFC ko NFKD, ba sa taɓa su.

Abin da ya fisshe ni shi ne jadawalin musanya haruffa da ke cikin manhajar, kuma nan na yaba wa kamfanin, domin yana bin umarni a jere. Na fara da ƙanƙantar da haruffa, sannan alamomin nan uku su koma ɗaya, sannan ƴ ta koma 'y, daga ƙarshe k' ta koma ƙ saboda masu rubuta k'asa. Idan aka sa na ƙarshen a gaba, k’asa mai lanƙwasasshiyar alama sai ta sulale ba a kama ta ba.

Da d' da b' kuwa sai an yi hattara. 'Yan Islamiyya da yawa suna rubuta bid'a da sab'in, musanyar kai tsaye za ta mai da su biɗa da saɓin. Dole irin waɗannan su shiga jerin keɓe.

Wani abokin aikina ya ce, "Malam, ka share ƙugiyar gaba ɗaya ka huta." Ban yarda ba, domin daga nan baki da baƙi sun zama ɗaya, haka kafa da ƙafa. Na so a ce amsar da ƙugiya kaɗai ta rasa a ware min ita in duba da kaina, ko a ba ta rabin maki. Manhajar ba ta da wannan mataki, daidai ko kuskure kawai ta sani, shi ya sa har yanzu duk Juma'a nake bin amsoshin da ta kayar ɗaya bayan ɗaya.