Magini da ya fara lissafi kafin ya ɗauki diga

Damina ɗaya ta wuce a kan sokawen da wani magini ya yi mana a gidanmu na Marwa, wato ramin da ke shanye ruwan wanka da wanki, don haka yanzu ina da bakin magana. Aikinsa ya yi, kuma abin da ya fi burge ni shi ne bai yarda an haƙa rami da ka ba.

Tambayarsa ta farko: "Alhaji, mutum nawa ke kwana a gidan?" Mu takwas ne. Ya ƙiyasta lita 40 ga kowa a yini, wanka da wanki da wanke-wanke, ya tashi lita 320. Sai ya tona ɗan rami, ya cika shi da ruwa ya bar shi ya kwana, washegari ya sake cikawa yana duba saurin shanyewa. Barin ruwan ya kwana yana da dalili. Baƙar ƙasar nan da Fulani ke kira karal tana tsagewa da rani, ta zuƙe ruwa nan take, amma da ta jiƙa sai ta kumbura ta toshe. Wanda ya gwada ta a bushe ya ruɗi kansa. Tamu jigawa ce mai ɗan laka, ya ba ta lita 20 a kowane murabba'in mita a yini.

Ke nan muna bukatar murabba'in mita 16, kuma na bango kaɗai, domin gindin rami yakan toshe da dauɗa da wuri. Rami mai faɗin mita 2 kewayensa ya kai mita 6.3, sai zurfin ya kama mita 2.6 daga bakin bututu zuwa ƙasa, da ƙarin rabin mita a sama. Ya leƙa rijiyar maƙwabta ya tambayi inda ruwa ke kaiwa a watan Agusta, don gindin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da shi. Tsakanin ramin da rijiyar kuwa ya wuce mita 30.

Bulo ya yi amfani da mai tsawon santimita 40 da kaurin 15. Bai liƙe gefunansu da siminti ba, ya bar tazarar yatsu uku don ruwa ya fita, ya zuba tsakuwa a bayansu. Kowane layi ya ci 11, layi 15 ne. Na saman bututu ya liƙe su gam don su ɗauki murfi. Mun sayi 180 saboda masu fashewa.

Inda na ga gazawarsa: bai sa akwatin tare maiƙo a cikin kuɗin aiki ba, sai da na matsa. Ba tare da shi ba, man girki da kumfar sabulu za su like bangon, ka ga ruwa na kwana a bututu, wari na tashi. Ga shi da saɓa alkawarin lokaci. Duk da haka, ko a tsakiyar Agusta da na ɗaga murfin, ruwan bai kai rabin ramin ba.