Crossref da doi.org: yadda suke tona asirin madogarar ƙarya

Na gwada shafukan nan biyu a kan jerin madogara 12 da wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta haɗa wa wani ɗalibi da ke rubutu kan cinikin albasa a kasuwar Mile 12. Shafukan duk kyauta ne, kuma ba sa cin data sosai.

Manhajar ba ɗakin karatu take shiga ba. Kalmomin da suka saba zuwa tare take jerawa, shi ya sa za ta ɗauko sunan malami na gaske da mujalla ta gaske, ta liƙa musu taken da ba a taɓa rubutawa ba. A ido ba ka ganewa. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda shari'o'i shida na ƙarya da irin wannan manhajar ta ƙirƙiro musu, suka kafa hujja da su.

Lambar DOI, wato lambar shaida ta dindindin da ake bai wa maƙala, kan fara da 10. Ka kwafe ta ka manna a doi.org. Misali, 10.1038/nature14539 za ta kai ka maƙalar LeCun, Bengio da Hinton a mujallar Nature ta 2015. Ta bogi kuwa sai ka ga "DOI Not Found". Uku cikin 12 ɗin a nan suka faɗi, bayan na tabbatar ba ɗigon ƙarshen jimla na haɗa wajen kwafa ba, don shi ma yana kawo wannan amsar.

Wadda ta fi haɗari ita ce lambar da ta buɗe. Ɗaya an ce kan farashin albasa a Legas take, shekarar 2019. Ta buɗe lafiya lau, amma maƙalar kan takin masara ce, marubutan ma daban. Buɗewa kaɗai ba shaida ba ce. Sai ka gwada take, marubuci, shekara, fitowa da shafuka, ɗaya bayan ɗaya. Nan search.crossref.org ya burge ni: ka zuba taken, ya kawo bayanan da mawallafi ya yi wa rajista. Sai dai ko babu abin da kake nema zai jero maka masu kama da shi, mai gaggawa ya ɗauka ya samu.

Raunin shafukan a wajenmu shi ne yawancin tsofaffin mujallun jami'o'in gida da kundayen digiri ba su da DOI. Rashin ganinsu a can ba ya nufin ƙarya ne. Biyu cikin 12 ɗin a ajol.info, rumbun mujallun Afirka, na same su, na buɗe fitowar shekarar na ga taken a jerin abin da ke ciki. Littafi kuma WorldCat, shafin da ya tattara jerin littattafan ɗakunan karatu na duniya, ake dubawa, da take ko lambar ISBN.

Abin da shafukan ba za su yi maka ba shi ne karatu. Wata maƙalar tana nan, komai daidai, amma alƙaluman da aka jingina mata a shafi na 7 babu su a ko'ina cikinta. Bakwai suka tsira, aikin ya ci kusan awa guda.