Hattara da masu "gyaran fayil" idan sifilin lambobin waya ya ɓace

Sakatarorin ƙungiyoyi, masu riƙe da littafin adashi da malaman da ke tattara sunayen iyayen yara, wannan gargaɗin naku ne. Akwai masu cin kasuwa da wata 'yar matsalar Excel. Ka sauke jerin mambobi a fayil na CSV, ka buɗe, sai ka ga 08030000000 ta koma 8030000000, lambar akawun mai lamba 10 ta koma 9 ko 8. Kana yin cigiyar mai taimako, sai wani ya ce ƙwayar cuta ce ta cinye fayil ɗin, ka turo masa da kuɗin aiki.

Kuɗin ma da sauƙi. Babbar asarar ita ce ka miƙa masa sunan kowane mamba, lambar wayarsa da akawun ɗinsa. Da irin wannan ake kiran mutum da cikakken sunansa, a karanto masa akawun ɗinsa, a ce daga banki ne, ya faɗi lambar sirrin da aka turo masa yanzu. Dattijon da ya ji an san shi haka da wuya ya yi gardama.

Fayil ɗin kuwa lafiyarsa ƙalau. CSV rubutu ne zalla da waƙafi tsakani. Excel ne ke ɗaukar lambar waya a matsayin adadi na lissafi, shi kuma sifilin farko ba ya ƙara wa adadi komai, sai ya yar da shi. Ka buɗe fayil ɗin da Notepad, za ka tarar da sifilanka na nan, muddin ba ka danna Save a Excel ba. Nan ne mutane ke yin ɓarnar da hannunsu.

Don haka kar ka buɗe shi da danna sau biyu. Buɗe Excel tukuna, ka shiga Data, sai From Text/CSV, a wajen Data Type Detection ka zaɓi Do not detect data types, sannan Load.

In ka riga ka adana, har yanzu da gyara, tunda lambar wayar Najeriya 11 ce cif. In lambar tana gidan A2, rubuta wannan a wani gida da ba komai a cikinsa:

```
=TEXT(A2,"00000000000")
```

Na akawun kuma sifili 10 za ka sa. Amma dabarar tana aiki ne kawai inda ka san tsawon lambar. Idan lambobin shaidar mambobi tsawonsu ya bambanta, sai dai ka sake sauko da fayil ɗin daga tushe.

Haka lamba mai tsawon 16, irin ta katin ATM: Excel lamba 15 kawai yake riƙewa, ta ƙarshe ya mai da ita sifili. In an adana a haka ta tafi, duk wanda ya ce yana da manhajar dawo da ita ƙarya yake yi.

Wanda ya riga ya tura wa baƙo fayil, ya sanar da mambobi yau cewa duk mai kira da sunan banki yana neman PIN ko OTP, su kashe wayar.