PVC, PPR ko ƙarfe: wane bututu ya dace da ruwan gidanka?

Kafin ka tambayi launin bututu, juya shi ka karanta abin da aka buga a jikinsa. Duk bututun kirki yana ɗauke da sunan abin da aka yi shi da shi, da faɗinsa, da ƙarfin ruwan da zai iya jurewa. Launi yana yaudara, domin farin bututu zai iya zama PVC, zai iya zama PPR. Wanda kuwa ba a rubuta komai a jikinsa ba, ka bar wa mai shi kayansa.

PVC shi ne mara nauyi, fari ko ruwan toka, wanda ake haɗawa da gam. Na ruwan sanyi ne kawai. Zafi ya kai digiri 60 sai ya fara laushi, mahaɗansa su saki. Ya daɗe a rana kuma sai ya bushe, abu kaɗan ya taɓa shi ya tsage. Sannan akwai PVC na zubar da ƙazamin ruwa mai siririn jiki, wanda ba a yi shi don matsin famfo ba. Idan ka matsa bakinsa da yatsu ya lotsa, ba na ruwan sha ba ne. Ɗan'uwansa CPVC, mai ɗan rawaya-rawaya, yana ɗaukar ruwan zafi, amma da nasa gam na daban.

A cikin bango, ni PPR nake zaɓa. Yawanci kore ne, jikinsa da kauri, kuma gam ba ya kama shi sam. Da inji ake narka bakinsa a digiri 260 a cusa shi cikin mahaɗi, su zama abu guda. Za ka ga an rubuta PN10, PN16 ko PN20 a jikinsa, wato lambar ƙarfin ruwan da yake jurewa: PN10 na ruwan sanyi ne, layin hita kuwa PN20 ake sa masa.

Sai dai kaurin nan yana da tarko, kuma a nan mutane da yawa suke faɗawa. Lambar milimita da ke jikin PPR faɗinsa ne daga waje. Mai milimita 20 na PN20 kaurin jikinsa 3.4 ne, ramin da ruwa zai bi bai wuce 13.2 ba. Ɗauki gida mai tanki a sama, mita 5 tsakaninsa da shawa. Kowace mita 10 ta tsayi tana ba da matsi na bar ɗaya, ma'aunin ƙarfin ruwa ke nan, wato wannan gida rabin bar kawai yake da shi. Idan aka ja mai milimita 20 tun daga tanki har banɗaki, da zarar an buɗe famfon kicin sai shawa ta koma ɗiga. Abin da ya dace shi ne a sauko daga tanki da mai 32, wanda raminsa ya ɗan haura 21, a raba wa ɗakuna da mai 25, a bar mai 20 ga ɗan guntun da ke shiga kan famfo.

Ka kuma sa ido a kan hannun fulamba. Mai milimita 20 daƙiƙa 5 yake buƙata a kan inji, mai 25 daƙiƙa 7. Idan ya bar shi ya wuce lokaci, ko ya danna shi da ƙarfi, robar da ta narke takan taru a ciki ta toshe rabin hanya, daga waje kuma ba abin da za ka gani. Ka ce ya haɗa guntu ɗaya a gabanka, ka leƙa ramin ta wajen haske. Mai aikin da ya san hannunsa ba zai ji haushi ba.

Layin da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa daga mitar ruwa ko rijiyar burtsatse zuwa tanki, HDPE ya fi dacewa da shi: baƙi ne mai shuɗin layi, ana sayar da shi a naɗe, yana lanƙwasa, don haka mahaɗai ba su da yawa, kuma daga mahaɗi yoyo ya fi farawa.

A tsohon gida, maganaɗisu zai raba maka gardama. Idan ya manne, ƙarfe ne mai rufin tutiya. Yana jure duka da rana, shi ya sa har yanzu yake da amfani a famfon tsakar gida, amma tsatsa takan cika cikinsa, ruwan safe ya fito ja, ƙarfinsa yana raguwa shekara bayan shekara. Idan bai manne ba kuma bututun ja ne, jan ƙarfe ne, mai ƙarko da jure zafi, sai dai tsada. Kada a haɗa shi kai tsaye da na tutiya, mahaɗin zai ci. Idan kuwa bai manne ba, launinsa toka-toka ne, ka karce shi da makulli ya karcu cikin sauƙi yana ƙyalli, to dalma ce. Wannan guba ce a ruwan sha, musamman ga yara, tafasa ruwan kuma ba ya fitar da ita. Cire shi ake yi gaba ɗaya.