Kwantena daga Apapa zuwa Katsina: farashin dunƙule ko na dalla-dalla?

’Yan kasuwa suna yawan tambaya: in za a nemi farashi wurin ejan mai fito da kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, a ce ya faɗi kuɗi dunƙule har ƙofar sito, ko ya rarraba?

Dunƙule ya fi sauƙi. Ka ba shi girman kwantena, ƙafa 20 ko 40, nauyi, irin kayan da adireshin sito, ya ba ka lamba ɗaya. Matsalar ita ce abin da lambar ta ɓoye. Sau da yawa babu kuɗin jinkiri a ciki, wanda kamfanin jirgi ke caja kullum in kwanakin kyauta sun ƙare, kuma agogonsu ba ya tsayawa sai an mayar musu da kwantenar fanko. Daga Katsina kuwa, komawar nan tafiya ce.

A dalla-dalla za ka ga kuɗin kwastan, na tasha, na mota da na ajiyar kwantena, kowanne daban. Akwai wahalar bi, amma ka san inda za ka yi ciniki. Lokaci ma haka: in ya ce “kwana huɗu”, tambaye shi daga saukar jirgi ne ko daga fitowa ƙofar tasha.

Mai kwantena ɗaya a shekara, dunƙule ya fi masa, muddin an rubuta abin da ba ya ciki. Mai shigo da kaya duk wata ya nemi dalla-dalla.