Healing Brush ko Clone Stamp: Wanne Ke Cire Tabon Ƙura Daga Sararin Sama?

Ana yawan tambayata wanne ya fi cire tabon ƙura daga hoto tsakanin waɗannan kayan aiki biyu na Photoshop. A sararin da babu gajimare, Healing Brush ne gaba, domin yana ɗauko zubin wuri mai tsabta, ya daidaita launi da haske da na kewayen tabon. Matsalarsa bakin gajimare: yakan jawo fari cikin shuɗi, ya bar dusu-dusu kamar an goga yatsa.

Clone Stamp kuwa kwafa kawai yake yi, don haka gefen gajimare ba ya dusashewa. Sai dai shuɗin sama ba ɗaya ba ne, yana ƙara haske wajen ƙasa. In ka ɗauko daga nesa, sabon da'ira zai bayyana. A tabon da ya hau gefen gajimare, riƙe Alt ka danna kan gefen nan dab da tabon don ɗauko shi, sannan ka danna kan tabon, girman burushi ya ɗan ɗara tabon, a sabon layer, ka sa Sample a kan Current & Below.

Mai gaggawa da tabo barkatai a fili, Healing ya ishe shi. Mai buga hoton gajimare babba, ya yi haƙuri ya yi amfani da Clone.