Rubutun sakin hannu da rubutun matashiya: wanne ya dace da mai yawan goge abin da ta fara?

«Assalamu alaikum. Sati uku ke nan ina kan gajeren labari guda, na wata mata da za ta koma gidan mahaifinta bayan ta fita takaba. Duk lokacin da na rubuta sakin layin farko a waya sai na ga bai yi ba, na goge, na sake. Wasu sun ce in riƙa saita agogo ina rubutu ba tsayawa, wasu kuma sun ce in nemi jimlar da zan ɗora a kai. Wanne ya fi, kuma ta yaya ake yi?»

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Dabarun nan biyu ba ciwo ɗaya suke magani ba, don haka kafin a ce wannan ta fi waccan, sai an san wane ciwo ne ke hana hannunki gaba. Hanyar ganewa ita ce ki daina gogewa na kwana biyu: duk sakin layin da kika ƙi, ki tura shi can ƙasan shafi, sannan ki karanta su a jere. Idan kika tarar abu ɗaya suke faɗa da kalmomi daban-daban, to kin san abin da kike son faɗa, mai gyaran da ke cikinki ne ya riga mai rubutun zama a kujera. Idan kuwa kowanne ya kama hanyarsa, wannan ya fara da ranar rasuwar mijin, wancan da ƙuruciyar matar, na uku da bayanin garin, to ba ki riga kin sami ƙofar shiga labarin ba. Ciwo na farko agogo ne maganinsa, wato rubutun sakin hannu, na biyu kuma matashiya, wato jimlar nan da ake ɗorawa a kai.

Rubutun sakin hannu shi ne mutum ya saita agogo, yawanci minti 10, ya yi ta rubutu ba tare da ya tsaya ba, ba ya komawa baya ya karanta, ba ya soke kalma, har sai ƙararrawa ta buga. Idan magana ta ƙare masa, sai ya rubuta cewa magana ta ƙare masa, ya yi ta maimaitawa har wani tunanin ya taso. Malamin koyar da rubutu na Amurka Peter Elbow ne ya fi kowa yaɗa wannan dabara tun daga shekarar 1973, kuma hujjarsa ita ce samar da magana da tace magana aiki biyu ne masu hana juna sakat idan aka haɗa su a lokaci guda. Ya ba da shawarar a riƙa yi aƙalla sau uku a mako. Amfanin agogon shi ne yana mayar da aikin ƙarami, domin wadda ta kasa alƙawarin rubuta labari mai kyau za ta iya alƙawarin motsa hannu na minti 10, kuma a wannan zaman babu wani ma'aunin nasara sai cewa hannun bai tsaya ba.

Matashiya kuwa jimla ce ko tambaya da ake ajiye wa marubuci a gabansa domin ya ɗora alƙalami a kanta. Ba ta hana gogewa ko kaɗan; aikinta shi ne ta rage yawan zaɓi. Farar takarda tana tambayar marubuci abubuwa da yawa lokaci guda, wa zai yi magana, daga ina za a fara, da wace irin murya, sai matashiya ta yanke masa biyu ko uku daga cikinsu ta bar shi da ɗaya. Wannan ya sa ingancinta yake rataye da ƙuncinta. «Rubuta wani abu a kan haƙuri» ba ta rage komai ba, wa'azi kawai za ta haifar. Amma «ranar da ta fita takaba, wane abu ta fara ɗauka daga ɗakin, kuma wa ya gan ta tana ɗauka?» ta ba ki wuri da lokaci da mutum na biyu, ga kuma abin da za a riƙe a hannu.

Inda suka fi bambanta shi ne yadda kowacce take lalacewa. Rubutun sakin hannu idan aka daɗe ana yin sa babu alƙibla yakan koma littafin koke, sai ki wayi gari kin cika shafi ashirin da labarin gajiyarki da tsoron kada a raina rubutunki, ita kuwa matar da ke takaba tana nan inda kika bar ta. Alamar haka ita ce bayan zama huɗu ko biyar sunanta bai fito a takardar ba ko sau ɗaya. Lalacewar matashiya ta fi wannan haɗari ga mai irin halinki, kuma a nan ne nake ganin masu ba ki shawara ta biyu ba su lura ba. Matashiyar da aka tsinto daga waje, irin wadda ake rabawa kowa ya gwada, sabon labari take buɗewa kullum, alhali ke ba fara labari ne ya gagare ki ba, wucewa gaba ne. Wadda ta riga ta saba da daɗin sabon farawa, idan aka riƙa ba ta sabuwar matashiya kowace safiya, an ƙara wa Barno dawaki ne kawai, za ta tara farko goma ba ta da tsakiya ko guda.

Akwai wani bincike da ya haska wannan. A shekarar 1980 wani malamin koyar da rubutu mai suna Mike Rose ya wallafa nazarin da ya yi a kan ɗalibai goma na jami'ar UCLA da ke Los Angeles a Amurka, biyar masu cijewa a rubutu, biyar marasa cijewa. Ya gano cewa masu cijewar ba ƙarancin basira ke damun su ba, wasu ƙa'idoji ne suka riƙe da ƙarfi fiye da kima, ciki har da cewa dole sakin layin farko ya kama mai karatu nan take. Ƙa'idar ba ƙarya ba ce, lokacin aiki da ita ne ake kuskurewa, domin farkon labari ba ya gyaruwa sai an san ƙarshensa. Sati ukun da kika yi kina goge farko, kina gyara ƙofar gidan da ba a riga an gina ba ne.

Saboda haka, idan dole ne a zaɓi ɗaya, ni agogo zan ce ki ɗauka. Amma abin da ya fi shi ne ki haɗa su, da sharaɗin matashiyar ta fito daga cikin labarinki, kuma kada ta taɓa sakin layin farko. Ki ɗauki biro da littafin makaranta, ki ajiye wayar nesa ta zama agogo kawai. Dalilina a nan ba ƙyamar waya ba ne: madannin gogewa yana ƙarƙashin babban yatsa, mai gyaran kalmomi yana mayar da Hausa Turanci, kuma duk lokacin da kika danna kina jiran ƙ ko ɗ ko ɓ su fito, idonki yana samun damar komawa kan jimlar da ta wuce. Idan ba makawa sai a wayar, ki kashe gyaran kalmomi, ki rubuta haruffan ba lanƙwasa, a sa musu daga baya.

Ga yadda zaman zai iya kasancewa. Ki rubuta tambayar nan ta abin da ta fara ɗauka a saman shafi, ki saita minti 10. Mai yiwuwa abin da zai fito ya yi kama da haka: «ban sani ba, akwati ne ko kwanuka, a'a kwanuka na kowa ne, ban sani ba ban sani ba, rediyonsa, ƙaramar rediyon da yake sauraron labarai da asuba, ta sa ta cikin zani kamar ta sata, ƙanin mijin yana bakin ƙofa, ai ba a raba gado ba». Wannan ba rubutun nunawa ba ne, kuma kada ki tura wa kowa. Amma a cikinsa akwai abin da sakin layi goma sha biyar na farko ba su ba ki ba, wato mace tana ɓoye kayan mijinta kamar ɓarauniya saboda ba a raba gado ba, ga kuma mai kallonta.

Idan ƙararrawa ta buga, ki tashi na ɗan lokaci, sannan ki dawo ki karanta sau ɗaya tak, ki ja layi a ƙarƙashin jimla guda wadda ta fi nauyi. Ba wadda ta fi ado ake nema ba, wadda ta ba ki mamaki ake nema. A misalinmu ita ce «ai ba a raba gado ba». Ki kwafe ta a saman sabon shafi, ta zama matashiyar zagaye na biyu, ki sake saita minti 10: me ƙanin mijin ya ce, ko kuwa shiru ya yi? Zagaye uku a zama ɗaya sun isa, wato minti 30 na rubutu. A nan ne dabarun biyu suke cike giɓin juna, domin agogo ya hana ki komawa baya, matashiyar da kika tsamo da kanki kuma ta hana ki ɓacewa daga labarin.

Game da tsawon lokaci, kada ki zarce minti 15 a farkon lamari, domin idan zaman ya yi tsawo hannu yakan gaji, mai gyara kuma ya sami ƙofar dawowa. Idan minti 10 ma sun yi miki nauyi, ki fara da 5. Yawancin abin da za ki rubuta ba zai shiga labarin ba, kuma wannan ba asara ba ce, jimla biyu ko uku masu rai a shafi guda riba ce mai kyau.

Sai dai dabarun suna da iyaka. Idan abin da ya tsayar da ke rashin sani ne, misali ba ki da tabbacin yadda ake fitar da mace daga takaba a garin da kika ajiye labarin bayan wata huɗu da kwana goma, ko wa ke zuwa ɗaukar ta, to agogo ba zai ƙirƙiro miki wannan ba, sai kin tambayi dattijuwar da ta sani. Haka kuma babu ɗayansu da ke tsara labari. Bayan kamar mako guda, idan kin tara fage biyar ko shida, sai ki daina saita agogo, ki baje shafukan, ki jera su yadda al'amuran suka faru, ki kwafe su a waya kina gyarawa. Sakin layin farko shi ne za ki rubuta a ƙarshe, kuma kafin ki rubuta sabo, ki duba fagen rediyon nan ko shi ne ya kamata ya buɗe labarin.